Yadda aka raba gardamar ɗaukar ƙwallo da hannu

"Don Allah, tun farko aka hana taɓa ƙwallo da hannu a wasan ƙwallon ƙafa, ko daga baya aka kawo dokar?"

Daga baya ne, kuma a hankali. A Ingila kowace makaranta tana da nata salon wasa. Dokokin makarantar Rugby na 1845 sun yarda ɗan wasa ya ruga da ƙwallo a hannu, wasu makarantun kuwa ba su yarda ba, don haka in an haɗu sai gardama.

A Oktoban 1863 ƙungiyoyi suka zauna a Landan suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA. Daftarin farko na dokokinta ya halatta gudu da ƙwallo, ya kuma halatta a shuri mai gudun a ƙwauri. Bayan an duba dokokin jami'ar Cambridge na shekarar, sai aka soke waɗannan biyun a Disamba. Ƙungiyar Blackheath ta fice, musamman saboda hana shurin, kuma masu ra'ayinta suka kafa hukumar rugbi a 1871.

Inda ake yawan kuskure shi ne a ɗauka 1863 ta hana hannu gaba ɗaya. Ɗauka da jifa ta hana. Wanda ya cafe ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa, ya yi alama da diddige nan take, za a ba shi bugu ba mai tare shi. An cire wannan tanadin a 1866, aka hana hannu a 1870, sannan a 1871 aka keɓe gola shi kaɗai. Sai 1912 aka taƙaita shi cikin da'irarsa.

In hukuncin yau kake nema, tambayi alƙalin wasa mai lasisi, domin IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, tana yawan gyara dokar hannu.