Kiɗa na danne murya a tallan shago, ya ake gyarawa?

Tambaya: Salam malam. Ina haɗa tallan sakan 30 wa wani shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari, da Premiere Pro nake aiki. Na kunna Ducking amma kiɗan sai ya dinga hawa yana sauka tsakanin kalmomi, kuma inda na yanke shi dan ya gajarce ana jin tsallen. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina kyautata zaton ka fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe ne. Murya ake fara zaunarwa, sai a yanka kiɗa a kan bugu, sannan a rage shi a ƙarƙashin magana. Dalili kuwa, maɓallin Generate Keyframes yana duba inda maganar take ne a lokacin da ka danna shi, in ka matsar da murya daga baya ɗigon da ya zuba suna nan inda suke, sai ka sake dannawa.

To fara da ƙirga bugun. Saki kiɗan kana buga yatsa a tebur na sakan 15, abin da ka samu ka ninka sau 4. Mu ce ka samu 25, wato bugu 100 a minti kenan, kowane bugu sakan 0.6. Yawancin kiɗan sitidiyo huɗu-huɗu yake tafiya, ɗaya biyu uku huɗu ya koma ɗaya, dan haka zagaye guda sakan 2.4 ne, zagaye 12 kuma sakan 28.8. Nan tallanka zai tsaya, kar ka ce lallai sai ya cika 30 cif, sai ka datse kiɗan a tsakiyar zagaye. Zaɓi kilif ɗin kiɗan, kana ji kana danna M ka sa maka, wato alama, duk sanda "ɗaya" ta faɗo, sannan ka buɗe hoton sautin sosai ka gyara kowace maka ta zauna daidai farkon tsinin ganga, dan hannu kan ɗan makara.

Tsallen da kake ji daga nan yake. In za ka cire wani yanki, yanke a kan "ɗaya" ka dawo a kan "ɗaya", kuma gara ka cire zagaye huɗu cur, sakan 9.6, saboda amon kiɗan ma yawanci haka yake juyawa, in ka cire uku gangar za ta daidaita amma kunne zai ji wani abu ya ɓata. Sa Constant Power gajere a mahaɗar, firem biyu zuwa huɗu ya isa. Ni dai kullum ƙarƙashin magana nake ɓoye mahaɗar nan, lokacin kiɗan na ƙasa babu mai lura. Amma fa in kalangu ne da aka kaɗa da hannu, lissafin nan ba zai kai ka ƙarshe ba, makaɗi yana ɗan sauri yana ɗan ja, kowace maka sai da kunne.

Sai ragewar. A Essential Sound ka yi wa muryar alamar Dialogue, kiɗan kuma Music, ka kunna Ducking. Hawa da saukar nan da ke damunka daga Sensitivity ne, in yana tsaka-tsaki ko numfashi mai magana ya ja sai kiɗa ya taso ya cike gurbin. Ƙara shi ka sake Generate Keyframes, ka kalli layin da ke kan kilif ɗin, in ya yi kamar haƙoran zarto har yanzu da saura, so ake ya kwanta tun daga farkon jimla har ƙarshenta. Wanda ya ƙi kwanciya ka goge ɗigon da hannu kawai, tallan sakan 30 ai ba su da yawa. Duck Amount fara da -18 dB, in kiɗan akwai mawaƙi a ciki ko algaita ƙara ragewa, dan suna cin wuri ɗaya da muryar mutum.

Ga yadda zan tsara naka. Zagayen farko kiɗa zalla da hoton gaban shago, murya ta shigo a 2.4. Ta gama lissafo kaya wajen 20.8, ba 21.6 ba, dan in saurin dawowar kiɗan 800 ms ne yana buƙatar wannan ratar ya gama tasowa, sai bugun 21.6 ya faɗo da ƙarfinsa daidai lokacin da leshin da ya fi kyau ya bayyana. A 24 murya ta dawo ta faɗi layi da lambar shago, nan ma ka ƙara sauke kiɗan da hannu kaɗan.

Kafin ka tura wa Alhaji mai shagon, jefa shi a waya ka ji ta sifika a bakin titi ana hon ɗin adaidaita, ba da hedifon ba. Sifikar waya ba ta fitar da kaurin ganga, tsakiyar sautin take turowa, in lambar shagon ba ta fito tar ba ka koma ka ƙara rage 3 dB.