Kek ya kama kwano ya ƙi fita: yaya za a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na gasa kek jiya da daddare, na bar shi cikin kwanon gashi har safiya. Yanzu na kife shi ya ƙi fita, ina tsoron ya farfashe. Don Allah yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki ɓanɓare shi da ƙarfi. Sanyi ne ya riƙe shi, zafi ne kuma zai sake shi. Lokacin gashi, sukarin da ke jikin kek yana narkewa a inda ya taɓa kwano. Da ya huce sai sukarin ya daskare, botar da kika shafa ita ma ta yi kauri, su haɗu su manne kek da ƙarfen.

Ki kunna obin a wuta kaɗan, kamar digiri 150, ki mayar da kwanon na minti 3 zuwa 5. Gindin kwanon kawai ake so ya ɗumama, idan ya daɗe kek ɗin zai bushe. In ba kya son kunna obin, ki zuba ruwan zafi a faffaɗan mazubi, ki tsoma gindin kwanon na minti 5, amma ki kula kada ruwa ya kai baki ya shiga ciki.

Daga nan ki ɗauki siririyar wuƙa mara kaifi, ki zura ta har ƙasa ki zagaye gefen. Nan ne mutane da yawa suke ɓata aikinsu. Ki riƙa danna wuƙar a jikin kwano, domin idan ta karkata ciki za ta yanki kek ɗin. Idan kwanon irin wanda aka shafe cikinsa da abin hana kamu ne, ki yi amfani da cokalin roba mai faɗi don kada ki kankare shi.

Sai ki ɗora faranti a baki, ki riƙe su tare da tsumma, ki kife. Ki bubbuga gindin da tafin hannu, ki ɗan jira. Za ki ji nauyin ya sauka kan farantin. Idan kin ɗaga gefe kin ga bai motsa ba, ki bar shi a kife, ki shimfiɗa tawul da kika jiƙa da ruwan zafi kika matse a kan gindin na minti 5, ki sake bugawa. Haka ake yi wa burodi ma.

Idan wani ɓangare ya tsaya a kwanon, ki ɗauko shi tun da ɗumi ki mayar gurbinsa ki danna a hankali, yakan kama. Amma in gindin ya ƙone baƙi, ɗumi ba zai sake shi duka ba, sai dai ki ceci saman.

Nan gaba ki shafa bota har cikin kusurwoyi, ki barbaɗa fulawa, ki shimfiɗa takardar gashi a ƙasa, sannan ki juye kek ɗin bayan minti 10 zuwa 15 da saukewa.