Wasan da aka taɓa cikinsa

"Maigida, wani ya ba ni Riyal 50 in sa masa wasan PUBG da aka gyara, mai nuna abokan gaba ta bayan bango. Ya ce tana da kariya, ba a kamawa. To me ya sa ake rufe asusun mutane gaba ɗaya?"

Yaron da ke koyon gyaran waya a wurina ne ya yi wannan tambayar, ga amsar da na ba shi. Mayar masa da kuɗinsa. Ku yaran yanzu, da kun kalli bidiyo biyu sai ku ɗauka kun fi injiniyoyin kamfani wayo.

Kowace manhajar Android tana ɗauke da hatimin wanda ya yi ta. Duk wanda ya buɗe APK, wato fayil ɗin da ake sa manhajar da shi, ya canza ko layi ɗaya, hatimin ya karye, dole ya sake buga nasa, don makullin kamfani ba ya hannunsa. Shi ya sa gyararriyar ba ta hawa kan ta asali sai an goge ta asalin. Wasan kuma yana duba hatiminsa da fayilolinsa, ya aika wa sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsu. Kariyar da ake yi maka talla, ƙoƙari ne na toshe wannan rahoton. Ko ta toshe, saba tana da nata lissafin: gudun ɗan wasa, inda harsashi ya fito, sau nawa ya sami kai. Mutum yana bin wanda ke bayan bango da bakin bindiga kafin ya leƙo, waɗanda ya kashe suna kai ƙara, ana duba hoton wasan. Wace kariya ce a wayarka za ta goge abin da ke ajiye a kwamfutar wasu?

Kuma ba kullum suke rufewa nan take ba. Sukan ƙyale mutum ya sake, sannan su kwashe jama'a a tashi ɗaya, don mai haɗa maguɗin kada ya gane abin da ya tona shi. Wannan jinkirin ne ya ci min Riyal 3,000.

Wani matashi ne, ɗan unguwarmu a nan Jidda, ya kawo min waya gilashi ya fashe. Na canza, na karɓi kuɗin aikina, ya tafi yana godiya. Ba a yi mako ba sai ga shi da yayansa, yana ɗaga murya har maƙwabtan shago suka fito. Ya nuna min allo: an rufe asusun shekara 10. Wai tun 2018 yake tara kaya a ciki, wai ni na sa masa wani abu. Ni da ko wasan ban buɗe ba! Dattawa suka zaunar da mu bayan sallar Isha, aka ce ɗan gida ne, mahaifinsa mutumin kirki ne, a rufa asiri. A cikinsu babu wanda ya san bambancin gilashi da manhaja, waya dai ta kwana a wurina, shi ke nan. Na ƙirga kuɗin na ba shi, yana kallon ƙasa. Bayan watanni batir ya kumbura, ƙaninsa ya kawo min wayar, bai san tarihi ba. Da izininsa na jona ta da kwamfuta:

```
adb shell pm list packages -i
```

Manhajar da ta fito daga Play Store za ka ga `installer=com.android.vending` a gabanta. Wasan nasa `installer=null` ne, ga GameGuardian, manhajar maguɗin wasa, zaune a gefe. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, akwai masu sauko da ta asali daga shafin kamfani, amma yaron da bakinsa ya ce yayan nasa mai wayar ya daɗe yana sayen makullin maguɗi a Telegram tun kafin gilashin ya fashe. Har yau muna haɗuwa a masallaci, bai taɓa ɗaga maganar ba.

Abin da ya sa hukuncin ke da tsanani kuwa, kasuwa ce. Wasan kyauta ne, kuɗin kamfani daga masu sayen UC, kuɗin cikin wasan, yake fitowa, kuma mai maguɗi ɗaya yana ɓata wa mutum kusan 100 wasa. In aka yi masa dakatarwar mako guda, dawowa zai yi. Shekara 10 a wasan waya ai har abada ne, Free Fire ma kai tsaye take cewa dindindin. Kayan da ya saya, a sharuɗɗan da ya danna amincewa bai karanta ba, izinin amfani aka ba shi, ba mallakarsa ba ne. Cewa "ƙanina ne ya yi" ko "mai gyara ne" ba ta karɓuwa, asusun da aka yi laifin da shi ake hukuntawa. Wani lokacin har wayar ake yi wa alama, sabon asusu ma ya bi na farko.

Daga yau duk wayar da ke da wasa, kafin ka kwance ko noti ɗaya, sa mai ita ya buɗe wasan a gabanka, ka duba ko an yi mata rut, wato an cire mata takunkumin tsarin Android, ka rubuta a rasit ya sa hannu. Yadda ake duba rut kuwa, in har yanzu sai na koya maka, gara ka koma sayar da caja.