Word na rufewa da na buɗe takardata

Tambaya: Ina haɗa kundin digirina a Madina. Da na buɗe fayil ɗin, Word sai ya rufe. Ina mafita?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, ni ma ta taɓa cin ni a Khartoum. Kafin komai, kwafi fayil ɗin zuwa filashi. Sai ka danne Ctrl lokacin da kake buɗe Word, ka amsa Yes. Wannan shi ne Safe Mode, wato Word zai tashi ba tare da ƙarin manhajojin da aka ɗora masa ba. In kundin ya buɗu a nan, yawanci wani ƙarin manhaja ne ke jawo matsalar, ka kashe shi. In ya ƙi, shiga File, Open, Browse, zaɓi fayil ɗin, taɓa 'yar kibiyar gefen Open, ka danna Open and Repair.

Aikin da ba ka adana ba kuwa, duba Recover Unsaved Documents. Don Allah kada ka goge fayilolin .asd da sunan shara, a cikinsu Word ke ajiye aikin da ba ka adana ba! In wasu fayilolin ma suna lalacewa, kai wa mai gyara ya duba faifan ajiyar.