Hausar labarai da Hausar gida

"Ɗana a Jos aka haife shi, Hausa yake yi a gida. Amma da an fara labarai a rediyo sai ya ce baya ganewa. Hausar tasa ce ta lalace?"

Hajiya, ba lalacewa ba ce. Akwai yanayin da masana harshe ke kira digilosiya, wanda Charles Ferguson ya bayyana a 1959: harshe ɗaya, sigogi biyu, ta sama ta rubutu da huɗuba da labarai, ta ƙasa ta gida da kasuwa. Babban misalinsa Larabci. Bamisire zai saurari labarai da Fusha, wato sigar sama, ya juya ya yi wa ɗansa faɗa da Ammiyya, wato ta ƙasa, kuma ba jaririn da ya taɓa tashi da Fusha a bakinsa, a makaranta ake koyonta.

Namu bai kai can ba, domin Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, akwai masu tasowa da kusan irinta. Sai dai a Jos ratar tana da faɗi. A kasuwar Taminus za ki ji "mota na ya lalace", mai karanta labarai kuwa "motata ta lalace" zai ce, ya ƙara da "kasafin kuɗi" da "ƙudurin majalisa", kalmomin da ba a dafa tuwo da su.

Ki gwada shi: karanta masa jimla ɗaya ta labarai, ki maimaita ta da Hausar tsakar gida. In ya gane ta biyun, kalmomin ofis kawai ya rasa. In duka biyun sun sha masa kai, to Turanci ne ya fara cinye masa Hausar gidan.