Jerin kalmomi a Hausa da Turanci: inda ake tuntuɓe

"Ina koyar da Turanci. A ina ɗalibaina Hausawa za su fi kuskure wajen jera kalmomi?"

Malam, kada gundarin jimla ya dame ka, domin harsunan biyu aikau suke farawa da shi, sai aikatau, sai karɓau. Matsalar tana cikin yankin suna.

Dubi "motocin nan guda uku". Hausa ta gabatar da suna, nunau da adadi suka biyo baya. Turanci kuwa nunau yake farawa da shi, sai adadi, suna ya zo ƙarshe. Haka mallaka: "littafina" da "gidan Audu" duk juyawa suke yi a Turanci. Nan za ka ga ɗalibi ya ajiye suna a gaba.

Ka kuma lura da tambaya. "Audu ya tafi?" karin murya kawai ya sauya, don haka ɗalibi zai manta da gabatar da mataimakin aikatau kafin aikau, kamar yadda Turanci yake buƙata.