Na ga farin ruwa a kamfan 'yata, me zan ce mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 10 da 'yan watanni. Tun bara wani ɗan ƙullutu ya fito mata a nono ɗaya, yanzu ɗayan ma ya taso. Kwanan nan ina wanki na ga farin abu ya bushe a kamfanta, kuma na lura ta fara ɓoye su. Yayata ta ce ciwon sanyi ne, in sayo mata magani, kuma in tsare ta in tambaye ta ko wani na taɓa ta. Wallahi ko barci ba na iya yi. Ni ba wanda ya taɓa yi mini bayani, ban san ta inda zan fara ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ki yi barcinki yau. Idan ruwan nan fari ne ko garai-garai, ba ya wari, ba ya yi mata ƙaiƙayi ko zafi, to jikin 'yarki yana tafiya ne a kan tsarin da ake so. Ƙirgar dangi kan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13, sau da yawa ta gefe ɗaya, da ɗan zafi idan an taɓa. Daga fitowar wannan ƙullutu zuwa al'adar farko yawanci shekara 2 ne zuwa 3. Farin ruwa kuwa yakan riga jinin da kamar wata 6 zuwa 12. Kin ga ke nan abin da kika gani a wanki sanarwa ce jiki ya ba ki: al'ada na tafe, mai yiwuwa cikin shekara guda, kuma kina da lokacin da za ki shirya ta tun jinin bai zo mata ba zato ba tsammani.

Bari in tsaya a kan shawarar da yayarki ta bayar, domin da kyar mako ke wucewa ban ci karo da ɓarnarta ba. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma duka ɓangarorin biyu na shawarar suna iya cutar da yarinyar nan.

An mayar da kalmar "sanyi" kwandon zuba komai. Duk wani ruwa da ya fito daga gaban mace, ko da 'yar shekara 10 ce, sai a ce sanyi ne, kuma nan da nan sai ga mai magani da haɗinsa a hannu. Alhali abin da ke faruwa shi ne sinadarin istirojin ya fara yawa a jikinta, shi ya tayar da nonon, shi ne kuma yake sa bakin mahaifa da bangon farji su fara fitar da ruwa. Da wannan ruwa wurin yake wanke kansa. A daidai wannan lokaci wasu ƙwayoyin halitta masu amfani suke zama a wurin, suna sa shi ya yi ɗan tsami yadda masu cutarwa ba za su ji daɗin zama ba. Idan ruwan ya bushe a kamfai yakan koma ruwan ɗorawa-ɗorawa ya yi ɗan tauri, wani lokaci ma ya kashe launin yadin. Duk wannan lafiya ce.

To me zai faru idan aka ɗura wa yarinya mai lafiya maganin kashe ƙwayoyin cuta? Maganin ba ya bambance na kirki da na banza. Sai ya share masu gadin nan, sai naman gwarin da ake kira kandida ya samu fili ya yaɗu. Daga nan ne ruwan zai yi kauri ya yi gudaji-gudaji, ƙaiƙayi ya taso, wurin ya yi ja. Wato maganin ne ya haifar da cutar da aka ce ana magani. Sai a koma wurin mai maganin, shi kuma ya ce ai sanyin ne ya yi ƙarfi, ya ƙara wani. Ban ma so in fara maganar masu cewa a yi wa yarinya matsi, ko a zaunar da ita cikin ruwan magani mai zafi, ko a wanke cikin da sabulu. Fatar wurin a yarinya siririya ce, ƙonewa take yi. Raina yana ɓaci ƙwarai idan na ga wanda ko duba yarinya bai yi ba, bai tambayi launi ko wari ko ƙaiƙayi ba, ya naɗe magani ya miƙa, ya karɓi kuɗi.

An taɓa kawo mini wata yarinya 'yar shekara 11. Ta shigo kanta a sunkuye, ta matse ƙafafu, har muka gama ba ta ɗago ta dube ni ba. Uwar ta zazzage leda a kan teburina, magani kala uku da aka sha ɗaya bayan ɗaya cikin wata biyu. Da na bi labarin daga farko, ruwan da aka fara gani fari ne, babu wari, babu ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin bai fara ba sai bayan magani na biyu. Na dakatar da komai, na ba da maganin kandida na 'yan kwanaki, na ce a riƙa tsarki da ruwa zalla daga waje, daga gaba zuwa baya, a sa kamfan auduga a sauya kullum. Cikin mako guda jikin ya warware. Abin da bai warware ba shi ne wanda ya faru ranar da aka fara ganin kamfan: an rufe ta a ɗaki, an yi ta tambayarta wa ya taɓa ta, har da mari. Da al'adarta ta zo bayan wasu watanni, sau uku tana yi tana tare jinin da tsumma tana jefarwa a ɓoye, ba wanda ya sani. A tunaninta, idan farin ruwa ya jawo mari, me jini zai jawo?

Shi ya sa nake roƙonki kada ki tsare ta. Farin ruwa irin wannan ba ya nuna an taɓa yarinya, haka ma girman nono ko zuwan al'ada da wuri. Kuma idan ma, Allah Ya kiyaye, wani yana cutar da yarinya, tuhuma ce take rufe mata baki har abada. Yaran da suke faɗa su ne waɗanda suka tabbata ba za a dake su ba.

Yanzu ga yadda za ki yi. Kada ki kira ta da muryar da kike kiranta idan ta yi laifi, kada kuma ki zaunar da ita gaba da gaba kina kallon idonta. Ki zaɓi lokacin da hannuwanku ke aiki, misali kuna ninke kaya ku biyu, ba ƙanne a kusa. Ki fara da kanki, domin kunyar ta dawo kanki ta bar ta. Ki ce mata kamar haka: "Lokacin da nake kamar ke na fara ganin wani farin ruwa a kamfaina, na tsorata, na zaci ciwo ne. Ashe kowace mace tana yi idan ta fara girma. Ke ma kin fara gani?" Idan ta yi shiru ko ta rufe fuska, kada ki matsa. Ki ci gaba da ninkinki ki ce, "Ba ƙazanta ba ce, ba kuma laifinki ba ne. Idan ya yi ƙaiƙayi ko wari ki gaya mini." Na ranar ya isa haka. Minti biyar sau goma ya fi zaman awa guda da za ta fita ba ta riƙe komai ba sai kunya.

Bayan 'yan kwanaki sai ki kawo maganar jini, kuma ki faɗi sunan abin sosai. Ki ce nan gaba, wataƙila cikin watanni, za ta ga jini ya fito ta gabanta, daga mahaifa yake zuwa, ba ciwo ta ji ba. Lallai ki gaya mata cewa na farko sau da yawa ba ja ba ne, ruwan ƙasa ne, ɗan kaɗan, domin yara da yawa suna zaton bayan gida ne ya ɓata su sai su ɓoye. Ki gaya mata zai yi kwana 2 zuwa 7 ya tsaya da kansa, kuma duk da yana kama da mai yawa, gaba ɗayansa bai cika wuce cokali 2 zuwa 3 na cin abinci ba. Mararta na iya murɗawa. Sannan ki buɗe audugar mata a gabanta, ki ɓare takardar, ki manna a kan kamfai mai tsabta, ki ba ta ita ma ta gwada da hannunta. Ki nuna mata yadda ake naɗe wadda aka cire a yar, da cewa ana sauyawa duk bayan awa 4 zuwa 6. Ki sa guda biyu da kamfai ɗaya a ƙaramar jaka cikin jakar makarantarta tun yanzu, domin jini ba ya jiran a dawo gida.

Wata jimla da nake so ki guje mata ita ce "daga yau idan namiji ya taɓa ki za ki yi ciki". Ba gaskiya ba ce, kuma na ga yarinyar da ta kwana tana kuka saboda wani ya goge ta a hanya. Ki faɗa mata daidai hankalinta: ciki yana samuwa ne idan maniyyin namiji ya shiga farjin mace, kuma jikinta yana gab da kaiwa matakin da hakan zai yiwu. A nan ne za ki sa maganar taɓawa, cikin sanyin murya: babu mai ikon taɓa ƙirjinta ko gabanta, ko na gida ne, kuma idan wani ya gwada ko ya ce ta rufa masa asiri, ta zo wurinki, ba za ki yi fushi da ita ba. Idan ta yi tambayar da ta girgiza ki, ki riƙe fuskarki, ki tambaye ta a ina ta ji, ki amsa gwargwadon abin da ta tambaya.

Ki kai ta asibiti, ba wurin mai sayar da magani ba, idan ruwan ya zama kore ko toka-toka, ko yana wari, ko akwai ƙaiƙayi, gyambo, ko zafi wajen fitsari. Bayan al'adar ta fara, kada tsallen wata ya tayar miki da hankali, domin a shekarun farko tazarar kwana 21 zuwa 45 daidai ce. Amma idan jinin ya wuce kwana 7, ko tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ya ɗauke sama da kwana 90, ko ciwon mara yana hana ta makaranta, to a duba ta. Haka nan idan ta kai shekara 15, ko shekara 3 ta cika da fara ƙirgar dangi, jinin bai zo ba. Kuma ranar da za ku je, ki gaya mata tun a gida abin da likita zai tambaya da cewa kina tare da ita a ɗakin.